Gwajin BNP ga mai haki: yadda ake karanta shi da inda yake ruɗar da mutum

Haki ba ya zuwa da takardar shaidar inda ya fito. Mai asma yana haki, mai ciwon huhu yana haki, wanda jini ya daskare masa a jijiyar huhu yana haki, haka ma wanda zuciyarsa ta gaza. A ɗakin gaggawa sau da yawa duk kamanninsu ɗaya ne: mutum a zaune ya kasa kwanciya, yana jan numfashi da ƙyar, ƙirji yana ƙara. Amma maganinsu ya sha bamban, har wanda zai ceci wannan yana iya jefa wancan cikin wani hali. Gwajin jini na BNP, da ɗan'uwansa NT-proBNP, an kawo su ne don su taimaka a raba wannan gardama. Suna taimakawa kuwa, muddin mai karanta sakamakon ya san abin da lambar take aunawa. Tana auna yadda bangon zuciya ya miƙe ne, ba ta faɗin abin da ya sa mutum yake haki. Yawancin kuskuren da ake yi da gwajin nan daga haɗa waɗannan abubuwa biyu yake tasowa.

Mataki na farko: ka san daga ina lambar take fitowa

BNP sinadari ne da tsokar zuciya take fitarwa, galibi daga ɗakunan nan biyu na ƙasa masu harba jini. An fara gano shi a ƙwaƙwalwar alade a 1988, sai daga baya aka gane cewa a jikin mutum zuciya ce babbar masamarsa. Idan jini ya yi wa ɗakin zuciya yawa, ko matsin da ke cikinsa ya hau, bangon yakan miƙe. Wannan miƙewar ce take sa ƙwayoyin tsoka su ƙera wani dogon sinadari mai suna proBNP, sannan a yanka shi gida biyu. Guntun yanki shi ne BNP, shi ne mai aiki. Dogon yankin shi ne NT-proBNP, wanda ba ya aikin komai, yawo kawai yake yi a jini har a fitar da shi.

Aikin BNP shi ne rage wa zuciya kaya. Yana sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa, yana buɗe jijiyoyin jini, yana kuma danne sinadaran da suke sa jiki ya riƙe ruwa. Wato kuka ne zuciya take yi da kanta a rage mata nauyi.

Daga nan dangantakarsa da haki ta fito fili. Idan ɗakin hagu ya gaza harba jini, ko ya yi tauri ya ƙi karɓarsa, matsi yakan taru a cikinsa, ya koma baya zuwa jijiyoyin huhu, ruwa ya fara tsatsa cikin huhun. Matsin da ya jiƙa huhu ya sa mutum haki, shi ne dai ya miƙe bangon zuciya ya sa BNP ya hau. Tushensu ɗaya. Mai asma kuwa hanyar iska ce ta matse masa, zuciyarsa ba ta ɗauke da wani ƙarin kaya, saboda haka lambarsa takan zauna a ƙasa.

Mataki na biyu: duba wane gwaji aka yi, da wane ma'auni

Kafin ka fassara komai, karanta saman takardar. BNP da NT-proBNP ba lamba ɗaya suke bayarwa ba. BNP yakan ragu da rabi a jini cikin kamar minti 20, shi kuwa NT-proBNP yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, don haka yana taruwa, lambarsa ta ninka ta BNP sau da dama a jikin mutum ɗaya. Lamba 450 a BNP babbar magana ce. Lamba 450 a NT-proBNP ta tsoho mai shekara 80 ba ta kai ta tayar da hankali ba. Babu kuma wani amintaccen lissafi na mayar da wannan zuwa wancan, kada ka gwada.

Sai ma'auni. Yawanci ana rubuta pg/mL, wanda daidai yake da ng/L. Wasu ɗakunan gwaji suna amfani da pmol/L, inda lambar take ƙanƙancewa sosai: NT-proBNP na 300 pg/mL kusan 35 pmol/L ne. Wanda ya ga 200 pmol/L ya ɗauka pg/mL ne zai sallami mutumin da ainihin lambarsa ta kusa 1,700.

Ɗibar jinin ma tana da ƙa'ida. BNP yana lalacewa da wuri, ana zuba shi a kwalbar roba mai EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, a auna cikin 'yan awanni. Idan jini ya yini a kan tebur, lambar za ta sauka, ta ba ka kwanciyar hankalin da ba ta da tushe. NT-proBNP ya fi jure jira.

Mataki na uku: fara da tambayar da gwajin ya fi iya amsawa

Tambayar ita ce, shin zan iya cire gazawar zuciya daga lissafi? A mutumin da haki ya taso masa yanzu, BNP ƙasa da 100 pg/mL, ko NT-proBNP ƙasa da 300 pg/mL, yana nuna da wuya zuciya ce. Sai ka karkata ga huhu, ko ƙarancin jini, ko wani dalilin.

Babban binciken da ya kafa iyakar 100 an wallafa shi a 2002, a kan mutum 1,586 da suka zo ɗakin gaggawa da haki. A wannan iyaka gwajin ya kama kashi 90 cikin ɗari na masu gazawar zuciya, ya kuma wanke kashi 76 cikin ɗari na waɗanda ba su da ita. Ka lura da lamba ta biyu. Ma'anarta, a cikin mutum ɗari da hakinsu ba na zuciya ba ne, kusan 24 za su haura 100. Mutum ɗaya cikin huɗu ke nan. Shi ya sa lamba ƙarama ta fi lamba babba ƙarfin magana.

Ga iyakokin da ake aiki da su a hakin gaggawa. BNP sama da 400 yana nuni ƙwarai ga gazawar zuciya, tsakanin 100 da 400 kuwa fili ne na shakku. A NT-proBNP iyakar sama tana tafiya da shekaru: sama da 450 ga wanda bai kai 50 ba, sama da 900 ga mai 50 zuwa 75, sama da 1,800 ga wanda ya wuce 75. Iyakar ƙasa ta 300 ba ta canzawa da shekaru.

Waɗannan na ɗakin gaggawa ne. Ga wanda ya zo da ƙafarsa yana ƙorafin hakin watanni idan ya hau bene, iyakar cirewa ta fi ƙasa nesa: BNP 35, NT-proBNP 125. Wanda ya ɗauko 300 ya kai wa irin wannan mutum zai tsallake masu ciwon da yawa.

Mataki na huɗu: idan lambar ta hau, tambayi wa ya ɗaga ta

A nan ne aikin yake. Akwai abubuwa iri biyu da suke ɗaga lambar ba tare da ruwan zuciya ya cika huhu ba.

Iri na farko abubuwa ne da mutum yake yawo da su kullum. Tsufa yana taurara zuciya ya kuma rage ƙarfin ƙoda, lambar ta riƙa hawa a hankali. Ciwon ƙoda yana ɗaga ta ta fuska biyu: fitar da sinadarin ya ragu, jiki kuma yana riƙe ruwa, zuciya tana ɗaukar kaya da gaske. Idan eGFR, wato ma'aunin ƙarfin tacewar ƙoda, ya yi ƙasa da 60, akan matsar da iyakar BNP zuwa wajen 200, ta NT-proBNP kuma zuwa wajen 1,200. Ga mai wankin ƙoda lambar tana iya kai dubbai alhali yana zaune lafiya, kusan ba ta da amfani sai an gwada ta da tasa ta baya. Rikicewar bugun zuciya da ake rubutawa AF ita ma tana ɗaga lambar ko da ƙarfin harbawa bai taɓu ba. Sai kuma wanda tuntuni aka san yana da gazawar zuciya: lambarsa ba ta komawa daidai ko a ranar da ya fi jin daɗin jikinsa. Idan irin wannan ya kamu da ciwon huhu, BNP zai fito a sama, ya faɗi gaskiya cewa zuciya tana da rauni, amma ba raunin ne ya kawo shi yau ba.

Iri na biyu ya fi haɗari, domin cututtuka ne da su ma haki suke kawowa. BNP bai san dama da hagu ba. Idan gudan jini ya toshe jijiyar huhu, ɗakin dama ne yake fama da turawa, bangonsa ya miƙe, lambar ta hau. Haka abin yake a hawan matsin jijiyoyin huhu, da tsohon ciwon huhu da ya gajiyar da ɓangaren dama. Mai toshewar jijiyar huhu maganin tsinka jini yake buƙata, idan aka bi lambar aka ɗura masa maganin fitsari jininsa yana iya faɗuwa. Alamar da za ta farkar da kai ita ce haki mai tsanani da ƙarancin iskar oksijin a jini, BNP a sama, amma huhu a bushe, a kunne da kuma a hoto. Duk lokacin da ka ga wannan haɗin, ka nemi gudan jini kafin ka rubuta gazawar zuciya.

Cutar da ta bazu a jini, matsanancin ƙarancin jini, tsananin aikin maƙoƙo, toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciya da kumburin tsokar zuciya duk suna ɗaga ta. A mafi yawansu zuciyar tana cikin wahala da gaske, sai dai maganin yana wani wuri.

Akwai kuma magani ɗaya da ya kamata ka tambaya a kansa: haɗin sakubitiril da balsatan, wanda masu gazawar zuciya suke sha. Sakubitiril yana toshe sinadarin da yake rusa BNP, don haka BNP yana iya hawa ko ya ƙi sauka alhali mutum sauƙi yake samu. NT-proBNP ba ta wannan hanya ake kawar da shi ba. Ga mai shan wannan magani, shi za ka nema.

Mataki na biyar: idan lambar ta yi ƙasa, ka tabbata ba ɓoyewa ta yi ba

Wannan kuskuren bai kai na sama yawa ba, amma ya fi shi tsada, saboda ƙarshensa sallama ce.

Ƙiba ita ce kan gaba. Masu ƙiba suna da BNP da NT-proBNP ƙasa da na sirara ko da matsin zuciyarsu ɗaya ne. Ƙa'idar da aka saba ita ce a raba iyakar biyu ga mai ƙiba sosai, wato BNP wajen 50 maimakon 100. A ce mutum mai shekara 55, ma'aunin ƙibarsa na BMI 42, yana da hawan jini da ciwon suga, ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai, ƙafafu sun kumbura, BNP ya fito 85. Takarda za ta nuna shi cikin iyaka. Ga wannan jiki kuwa 85 ta haura. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne irin waɗannan su ne suka fi samun gazawar zuciyar da ƙarfin harbawa bai ragu ba, tauri ne kawai. Ɗakin zuciyarsu ƙarami ne mai kaurin bango, kuma bango mai kauri ba ya jin miƙewa kamar siririn bangon zuciyar da ta buɗe. Matsi yana sama, lamba tana ƙasa.

Na biyu shi ne lokaci. Zuciya ba ta tara BNP mai yawa a ajiye, sai an matsa mata take ƙera shi. Idan ruwa ya cika huhu farat ɗaya, misali murfin zuciya ya tsinke ko hawan jini ya yi tashin gwauron zabi, jinin da aka ɗiba a awar farko yana iya fitowa ƙasa. Mutumin da kumfa take fita masa a baki ba ya buƙatar jiran gwaji. Ka yi magani, ka maimaita bayan 'yan awanni in akwai buƙata.

Na uku, cututtukan da suke tara ruwa a baya ba tare da sun miƙe ɗakin hagu ba. Idan murfin da ke tsakanin ɗakunan hagu ya tsuke, matsin yana taruwa ne a bayansa, ɗakin ƙasa bai ma samu isasshen jini ba. Idan kuma jakar da ta lulluɓe zuciya ta ƙandare, kamar yadda tarin fuka yake iya jawowa, ko ruwa ya cika ta ya matse zuciyar, bango ba shi da wurin miƙewa. Za ka ga jijiyar wuya a cike, ciki da ƙafa a kumbure, lambar kuma ba ta kai yadda ka zata ba. Wannan saɓanin shi kansa alama ce, eko, wato sikanin zuciya, shi ne zai warware shi.

Mataki na shida: haɗa lambar da mutumin

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. Tsohuwa mai shekara 78, siririya, an kawo ta da hakin kwana uku da tari mai majina. Zafin jikinta 38.6, numfashi 28 a minti, oksijin kashi 89, bugun zuciya 124 kuma a hargitse. Gwajin bugun zuciya na ECG ya nuna AF, wanda ta daɗe da shi. eGFR ya fito 38. NT-proBNP 2,300 pg/mL.

Iyakar shekarunta 1,800 ce, ta haura. Mai gaggawa zai tsaya a nan ya ɗauko allurar fitsari. Amma ka lissafa masu ɗaga lambar da suke jikinta: ƙoda mai rauni, AF mai gudu, zazzaɓi da alamar cuta. Iyakar 1,800 ta riga ta yi la'akari da tsufa, amma ba ta yi da sauran ukun ba. Haura iyaka da 500 a irin wannan jiki ba hujja ba ce mai ƙarfi.

Sai a buɗe fayil. Wata huɗu da suka wuce, ranar da ta zo ganin likita ba ta da wani ƙorafi, lambarta 1,900. Ƙarin 400 a kan 1,900 kusan kashi 21 cikin ɗari ne. Wannan sinadari yana hawa da sauka da kansa daga mako zuwa mako, shi ya sa ba a cika ɗaukar canjin da bai kai kashi 30 ba a matsayin wani abu. Ke nan lambar yau kusan lambarta ce ta kullum. A ganina babu abin da ya fi tsohuwar lamba daraja wajen fassara sabuwa, kuma abin takaici shi ne sau da yawa tana nan a fayil ba wanda ya duba.

Yanzu a koma ga jikinta. An kwantar da ita a kishingiɗe, jijiyar wuya ba ta cika ba. Ƙafa ba kumburi, harshe a bushe, nauyinta bai ƙaru ba. Ƙarar ruwa a ƙirji gefe ɗaya take, ƙasan huhun dama. Hoton ƙirji ya nuna farin tabo a wurin, sauran huhun tas. Da aka ɗora na'urar sikanin, babu layukan ruwa a ɓangarorin biyu, babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya kuma siririya ce tana lotsawa idan ta ja numfashi. Wannan ciwon huhu ne a jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci. Abin da take buƙata oksijin ne, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ƙarin ruwa kaɗan-kaɗan ana sauraron ƙirji, tunda lambarta ta kullum ta nuna zuciyar ba mai ɗaukar ruwa da yawa ba ce. Allurar fitsari da ta ƙara busar da ita ta kuma taɓa ƙodar.

Canja 'yan abubuwa kawai, hukuncin ya juya. Da lambar 7,000 ce, nauyinta ya ƙaru da kilo uku, jijiyar wuya a cike, ƙarar ruwa a gefe biyu, to ciwon huhun ya tayar da gazawar zuciya, sai a yi maganin duka biyun. Samun ɗaya ba ya kore ɗaya, musamman a tsofaffi.

Mataki na bakwai: abin da ke biyo baya

Lamba a sama tare da alamun da suka dace tana wajabta eko. BNP ba zai gaya maka ko ƙarfin harbawa ne ya ragu, ko tauri ne, ko murfi ne ya lalace ba, kuma kowanne da maganinsa. Idan lambar ta faɗa filin shakku, alamun jiki da hoton ƙirji da sikanin huhu su ne za su yanke hukunci, kada ka matsa wa lambar ta faɗi abin da ba ta sani ba.

Wanda aka kwantar saboda gazawar zuciya ba ya buƙatar gwajin nan kowace safiya, awon nauyi da na fitsari sun fi shi saurin nuna inda aka dosa. Wanda yake da amfani shi ne na ranar sallama. Idan NT-proBNP ya sauka da kashi 30 ko fiye daga na ranar shigowa, alama ce mai kyau. Idan bai motsa ba, haɗarin dawowa asibiti ya fi yawa, sai a sake duba ko akwai sauran ruwa a jiki, a kuma matso da ranar dawowa ganin likita. Ka rubuta wannan lamba a takardar sallama tare da nauyin mutum, da eGFR na ranar, da sunan gwajin da ma'auninsa, domin likitan da zai karɓe shi a haki na gaba ya samu abin gwadawa.